Gado mai hawa biyu: yadda za ki tabbatar an haɗa shi daidai

Uwargida, idan ɗakin yara ya yi kaɗan, gado mai hawa biyu yakan raba gardama. Amma ko kafinta ne zai haɗa shi, ko maigida, kada ki bar wurin. Abu biyu za ki sa wa ido: yadda aka ɗaure notina, da tsayin shingen da ke tare yaro a hawan sama.

Kada a ɗaure noti tamau tun farko

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sa noti ɗaya, a murɗa shi har ƙarshe, sannan a koma na gaba. Yin haka yana jan gadon gefe guda, sai ramukan da suka rage su ƙi haɗuwa. Daga nan sai a fara dukan katako da guduma, har ya tsage.

Ga yadda ya kamata. A haɗa hawan ƙasa tukuna, a sa kowane noti a raminsa, a murɗa shi da hannu kawai. Sai ki ɗauko tef ɗin awo irin na tela, ki auna daga kusurwar kai ta dama zuwa kusurwar ƙafa ta hagu, sannan ki auna ɗaya gicciyen. Idan awon biyu ya zo daidai, gadon ya miƙe. Idan ɗaya ya fi tsawo, a tura kusurwar a hankali har su daidaita.

Yanzu ne za a ɗauko sufana. A ɗaure a gicciye: kai dama, ƙafa hagu, kai hagu, ƙafa dama. A zagaye na farko a ɗaure rabi, a na biyu a ƙarasa. Haka za a yi wa hawan sama, mutum biyu suna riƙe da shi. Bayan nan sai katakan da katifa ke hawa, sai shinge, tsani kuma a ƙarshe.

Da noti ya kama, a tsaya. Idan kansa ya fara nutsewa cikin katako, an wuce gona da iri. Idan kuma yana ta juyawa bai kama ba, ya lashe, a canja shi. Kada ki yarda a buga ƙusa a madadinsa.

Awon shinge daga saman katifa ake yi

Ƙa'idar hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ita ce shinge ya ɗara saman katifa da aƙalla inci 5, wato kusan santimita 13. Ta Turai ta fi tsauri, santimita 16 take nema.

A nan ne katifa ke yaudarar iyaye. A ce tsayin shingen inci 11 ne daga katakan da katifa ke hawa. Kin sayo katifa mai kaurin inci 8 don yaro ya ji daɗin barci. Abin da ya rage inci 3 ne kacal, yaro mai birgima zai iya haye shi cikin barci. Katifa mai inci 6 za ta bar inci 5, wato ta tsaya a kan iyaka. Mai kaurin sai ki mayar da ita hawan ƙasa. Ki auna bayan an shimfiɗa katifar, kada ki danna ta, kuma ki auna a wuri uku: kai, tsakiya da ƙafa.

Ki duba giɓi ma. Tsakanin katakan shinge, ko tsakanin shinge da jikin gado, kada ya wuce inci 3 da rabi, kusan santimita 9. Jikin ƙaramin yaro yana iya zurarewa ta giɓin da kansa ba zai wuce ba, sai ya maƙale a wuya. Saboda haka ne ake sa shinge a ɓangarori biyu, har da na jikin bango, domin gado yana gusawa daga bango.

Kafin yaro ya hau

Ki kama gadon ki girgiza da ƙarfi. Idan ya yi ƙara ko ya yi rawa, akwai notin da bai kama ba. Yaron da bai kai shekara 6 ba, ƙasa zai kwana. Kada gadon ya zauna ƙarƙashin fankar sama, kuma kada a rataya igiya, gyale ko jakar makaranta a jikin shinge.

Bayan mako biyu a sake bin notina da sufana. A maimaita idan hunturu ya shigo, domin katako yana bushewa ya tsuke, notin da ya kama da damina sai ya saki. Ki adana sufanar a inda hannunki zai kai, ba na yara ba.