Yadda ake haɗa darussan makonni a taswira ɗaya

Malamin jami'a yana raba kwas ɗinsa mako-mako, saboda haka jadawali ya tsara. Kowane mako ɗalibi zai karɓi silaid, wato shafukan lakca da ake haskawa a allo, ya ajiye su a waya da suna "mako na 3", "mako na 4". Amma tambaya ɗaya ta jarrabawa kan ɗebo abubuwa daga makonni huɗu ko biyar lokaci guda. Abin da silaid ba sa nunawa shi ne wane darasi ne ya jingina da wane, kuma aikin taswirar darussa ke nan.

Joseph Novak ne ya ɓullo da wannan dabara a Jami'ar Cornell ta Amurka a 1972, bisa ra'ayin David Ausubel cewa sabon ilimi yana kama ƙasa ne idan ya maƙale da abin da mutum ya riga ya sani. Ana rubuta kowane batu a cikin akwati, a ja kibiya zuwa wani akwatin, sannan a rubuta 'yan kalmomi a kan kibiyar yadda za a iya karanta su ukun kamar jimla.

A ɗauki kwas ɗin kemistiri na shekarar farko. A ce an yi nauyin atom a mako na 2, mol a mako na 3, daidaita lissafin haɗuwar sinadarai a mako na 5, ƙarfin ruwan sinadari a mako na 7, sai taitireshan a mako na 9. Ɗalibi zai fara da tambaya ɗaya a saman takarda: me nake bukatar sani kafin in warware lissafin taitireshan? Daga nan sai ya bi silaid ɗin, ya tsamo batutuwa biyu ko uku daga kowane mako, ya rubuta kowanne a guntuwar takarda tare da lambar mako da ta silaid. Batutuwa 15 zuwa 25 sun isa. Kafin ya ja kibiya tsakanin biyu, ya tambayi kansa: zan iya fahimtar wannan ba tare da wancan ba? Idan amsar a'a ce, akwai kibiya.

Ga yadda abin yake aiki. An narka giram 4 na NaOH aka yi ruwa lita ɗaya. An ɗebi mililita 25, sai mililita 12.5 na H₂SO₄ suka kashe kaifinsa. Mene ne ƙarfin asid ɗin? Mako na 2 ya ba da 23, 16 da 1, jimla 40. Mako na 3 ya ce giram 4 a raba da 40, mol 0.1 ke nan. Mako na 7 ya nuna mililita 25 suna ɗauke da mol 0.0025. Sai mako na 5 ya shigo da nasa:

H₂SO₄ + 2NaOH → Na₂SO₄ + 2H₂O

Mol ɗaya na asid yana cin mol biyu na NaOH, don haka asid ɗin mol 0.00125 ne, ƙarfinsa kuwa mol 0.1 a kowace lita.

Ɗalibin da ya samu 0.2 zai ɗauka taitireshan ne bai gane ba, ya koma ya yi ta maimaita silaid ɗin mako na 9. Alhali ya tsallake biyu-da-ɗayan nan ne. Idan taswirarsa tana da kibiya daga mako na 5 kai tsaye zuwa na 9, an rubuta mata "shi ke ba da rabon mol", zai bi ta baya ya ga inda ya ɓata. Irin waɗannan kibiyoyi masu tsallake makonni su ne suka fi amfani, domin ba safai ake samun su a silaid ba.

Taswira mara kyau tana da alamu. Idan kibiyoyi sun tafi a jere daga mako na 1 zuwa na ƙarshe, jadawalin malami aka sake zanawa kawai. Idan an rubuta wa kibiya "yana da alaƙa da", mai zanen bai san alaƙar ba tukuna. Akwatin da ya tsaya shi kaɗai kuwa, ko dai batu ne na gefe, ko kuma ba a fahimce shi ba, sai a kai wa malami tambaya. Idan kibiyoyi suka zagaya suka dawo inda suka tashi, galibi an cusa batutuwa biyu a akwati ɗaya ne, a raba su.

Lokacin bita, a ƙirga kibiyoyin da ke fita daga kowane akwati. A wannan kwas mol ne zai fi yawa, da shi za a fara, ko da silaid ɗinsa ba su kai na sauran makonni yawa ba. Taswirar ba ta maye gurbin warware lissafi da hannu. Tana dai nuna wanda ya kamata a fara warwarewa. Kuma gara a riƙa ƙara mata akwatuna a ƙarshen kowane mako, tun darasin bai huce ba, da a tara aikin sai jajibirin jarrabawa.