Kafin Alƙalami: Yadda Ake Nemansa Ba Da Roƙo Ba

A ce mai zanen tambari ya samu aiki ta WhatsApp daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari. Ba su taɓa hulɗa ba, an yi tsada a naira 60,000. Sai mai zanen ya rubuta: "Ranka ya daɗe, don Allah idan babu damuwa a ɗan fara turo wani abu, saboda an sha cinye min kuɗi."

Da ladabi, amma saƙon zai cuce shi. "Wani abu" ba adadi ba ne. Alhaji na iya tura 5,000, kuma bai saɓa ba. "Idan babu damuwa" ta mayar da sharaɗi alfarma, ita kuwa alfarma ana iya hana ta. Mafi muni shi ne zancen an sha cinye masa kuɗi, domin ya ɗora wa mutumin da bai yi masa komai ba laifin wasu. Kafinta da ke karɓar kuɗin katako kafin ya taɓa zarto ba ya ba kowa haƙuri, kowa ya san haka sana'ar take.

Ga yadda ya kamata saƙon ya fita:

"Assalamu alaikum, Alhaji. Na gode da wannan aiki. Kamar yadda muka yi, tambarin shago naira 60,000 ne, da gyara sau biyu. Ƙa'idata ita ce rabi kafin a fara, wato 30,000, cikon kuma idan ka ga aikin ka amince, kafin in miƙa shi cikakke. Kwana biyar bayan shigar kuɗin zan turo samfurin farko, in sha Allahu. Idan ban kawo a lokacin ba, zan mayar da kuɗin. Ga lambar asusuna a ƙasa."

Abin da ya fi komai aiki a nan shi ne ƙulla ranar kawo aiki da ranar biya. Wanda yake sauri zai biya da wuri ba tare da an yi ta tuna masa ba. Alkawarin mayar da kuɗi kuma yana kwantar da hankalin mai biya, domin shi ma yana da tsoronsa: bai san ka ba, kuma ya sha jin labarin waɗanda suka karɓi kuɗi suka kashe waya. Amma kada ka rubuta shi sai in da gaske za ka cika.

Idan ya ce rabi ya yi yawa, ana iya saukowa 20,000, muddin ba za a fara a banza ba. Idan kuma ya turo hoton rasit, buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka tukuna, don alat na bogi ya yi yawa.