Daga Kano Zuwa Kuala Lumpur: Shirin Ɗalibi Kafin Hawan Jirgi na Farko

Tafiyar ɗalibi daga Kano zuwa jami'a a Malesiya tana rataye ne a kan abubuwa uku: takardun da ke hannunsa, kayan da ya ɗaure, da filin jirgin da zai yada zango. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano ya dire Kuala Lumpur kai tsaye, don haka dole ne a canza jirgi a hanya, misali a Doha ko Adis Ababa. Kowane ɗaya daga cikin ukun nan yana iya mayar da matafiyi gida da tikitinsa a hannu.

Takarda ta farko ita ce fasfo. Kamfanonin jirage da jami'an shige da fice suna so ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare, amma ga ɗalibi wannan bai isa ba, domin izinin zaman karatu ba ya wuce wa'adin fasfon da aka manna shi a ciki. Wanda fasfonsa ya kusa ƙarewa gara ya sabunta shi tun kafin makaranta ta nema masa biza, saboda lambar fasfon da aka shigar a farko ita ce za ta fito a dukkan takardun da za su biyo baya. Haka kuma sunan da ke kan tikiti ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi. Mai Muhammad a fasfo da Mohammed a tikiti yana iya shan jayayya a wurin awon kaya, kuma gyaran suna a ranar tafiya yana cin kuɗi da lokaci.

A Malesiya, hukumar EMGS ce ke kula da neman izinin ɗaliban ƙasashen waje. Makaranta ce ke miƙa buƙatar, idan an amince sai a fitar da takardar amincewa da ake kira eVAL. Wannan takarda ba ita ce biza ba. Da ita ɗalibi ke neman bizar shiga sau ɗaya, sai bayan ya isa an yi masa gwajin lafiya cikin kwana 7 sannan a manna masa izinin zaman karatu. Akwai kuma katin isowa na MDAC da ake cikewa ta intanet cikin kwana 3 kafin sauka.

Katin rigakafin shawara, wanda aka fi sani da yalo kad, shi ne aka fi mantawa da shi. Malesiya tana neman sa daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar ke yaɗuwa, kuma Najeriya da Nijar suna cikinsu. Katin ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda aka yi wa ana jibi tafiya bai cika sharaɗi ba. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Dukkan waɗannan takardu, haɗe da takardar samun gurbin karatu da ainihin shaidun kammala makaranta, a jakar hannu suke zama, tare da kwafinsu a waya.

A ɓangaren kaya, jiragen da ke tashi daga Afirka ta Yamma sukan ba fasinjan kujerun gama-gari akwati biyu, kowanne kilo 23, da jakar hannu ta kusan kilo 7. Abin da aka rubuta a tikiti shi ne hukunci, domin tikiti mai rahusa yakan zo da akwati ɗaya kawai. Kowane akwati da awonsa, ba a haɗa nauyin biyun. Ɗalibin da ya zo da akwati mai kilo 27 da wani mai kilo 17 yana ganin kilo 44 ne, bai kai 46 ba, amma na farkon ya haura da kilo 4. Ko dai ya biya kuɗin ƙari, ko ya tsuguna a gaban layi yana kwashe kaya daga wannan zuwa wancan. Awo a gida da ƙaramin sikeli yana kawar da wannan. Girma ma ana duba shi: tsawo da faɗi da kauri idan an haɗa kada su wuce santimita 158.

Duk wani abu mai ruwa a jakar hannu, turare ne ko man shafawa ko zuma, kada kwalbarsa ta wuce mililita 100, in ba haka ba masu bincike za su karɓe. Batirin cajin waya kuwa a jakar hannu kaɗai ake yarda da shi, ba a akwati ba, kuma iyakarsa 100Wh. Mai 20,000mAh yana kusan 74Wh, bai kai iyakar ba. Guzurin gida kamar yaji da kuka da kuɓewa busasshiya a naɗe su sosai a sa a akwati, a kuma bayyana su idan an tambaya. Kilishi da dambun nama su ne suka fi jawo matsala, domin ƙasashe da yawa suna hana shigo da nama ba tare da izini ba. Magani a bar shi a kwalinsa tare da takardar likita. Saƙon da ba a buɗe an gani ba kuwa ba a karɓar sa daga kowa, ko ɗan'uwa ne, domin hukuncin safarar ƙwayoyi a Malesiya yana iya kaiwa ga kisa, kuma wanda sunansa ke kan akwati shi ake kamawa.

Zango kuma ya danganta da yadda aka sayi tikiti. Idan tafiyar gaba ɗaya tana kan tikiti ɗaya, a Kano za a manna wa akwati takarda mai alamar KUL, kuma ba za a sake ganin sa ba sai a Kuala Lumpur. Idan jirgin farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfani ne ke sa fasinja a wani jirgin. Tikiti biyu daban, ko da sun fi arha, suna tilasta wa mutum ya fita ya ɗauki kayansa ya sake awo, wanda ke buƙatar bizar ƙasar zangon, kuma idan ya makara asararsa ce. Hanyar Turai tana da nata tarko: mai fasfon Najeriya ko Ghana yana buƙatar bizar wucewa a filayen jirgin ƙasashen Shengen, kamar Faris da Firankfot, ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana da wata biza da ta ɗauke masa wannan sharaɗin.

Lokutan da ke kan tikiti na garin da ake ciki ne. Doha tana gaban Kano da awa 2, Kuala Lumpur kuma da awa 7. Idan jirgi ya sauka Doha da ƙarfe 5:00 na asuba, na gaba zai tashi 8:30, agogon da ba a gyara ba zai nuna 6:30 a daidai lokacin tashi. Da an sauka, sai a bi alamar Transfer, ba Arrivals ba, a wuce binciken tsaro, a duba lambar jirgi a allo don sanin ƙofa, domin ƙofa tana iya canzawa. Ana rufe ta kusan minti 20 kafin tashi, saboda haka salla da cin abinci sai bayan an gano inda take. Tazarar awa 2 zuwa 3 ta fi dacewa da baƙon filin jirgi.

A Kuala Lumpur jami'in shige da fice zai nemi fasfo da biza da eVAL, kuma makarantu sukan turo wakili ya tarbi sabon ɗalibi, don haka a sanar da su ranar sauka da lambar jirgi tun da wuri. Kuɗin hannu da ya haura dala 10,000 dole ne a bayyana shi ga kwastan. Idan akwati bai fito ba, a kai rahoto teburin kaya kafin a bar wurin, a nuna ɗan guntun takarda mai lambar akwatin da aka bayar a Kano, a karɓi lambar rahoto. Saboda irin wannan ne ake sa tufafin kwana biyu da cajar waya a jakar hannu.