Yadda karnuka 26 suka karɓi aikin mai ba da labari a fim ɗin zane

Fim ɗin Waltz with Bashir na shekarar 2008 ya buɗe ne da karnuka 26 suna tsala gudu a titunan Tel Aviv da daddare, har suka tsaya ƙarƙashin wata taga suna haushi. Babu wanda ya yi bayani tukuna.

Asalin wannan fitowa hira ce. Daraktan, Ari Folman, ya tattara hirarraki da tsofaffin sojojin Isra'ila da suka yi yaƙin Lebanon na 1982. Ɗaya daga cikinsu, Boaz, ya ce an sa shi harbe karnukan ƙauyuka don kada haushinsu ya tona zuwan sojoji, kuma suna dawo masa a mafarki.

Da an zana shi zaune yana magana, da an yi asara, domin zanen fuska ba ya ɗaukar ƙananan motsin ido da baki irin na mutum. Sai aka ciro abin da ake iya gani a maganarsa, wato karnukan, aka sa su gaba.

Abin da hoto ba zai iya faɗa ba kuma aka mayar da shi taɗi. A mashaya, Folman ya tambayi Boaz yadda ya san 26 ne ba 30 ba. Amsar ce ta fito da dalilin mafarkin.

Sai dai dabarar tana da iyaka. A ƙarshen fim ɗin Folman ya ajiye zane, ya nuna ainihin bidiyon gawarwakin Falasɗinawa a sansanonin Sabra da Shatila.