Mai neman aiki daga ƙetare, kada ka rubuta "ina nan ko da yaushe"

Matasanmu da dama sun buɗe shafi a Upwork ko Fiverr ko LinkedIn suna neman aikin da za su yi daga gida a biya su da dala. Kowane shafi yana da wurin da mutum zai gabatar da kansa a taƙaice, kuma a nan ne da yawa suke yi wa kansu illa. Sai ka ga an rubuta: ni mai ƙwazo ne, na iya komai, ana samuna dare da rana. Wanda zai ba da aiki bai san ka ba, bai san gidanku ba. Abin da yake son ji shi ne wane aiki ka iya, da me kake yin sa, kuma ƙarfe nawa zai same ka.

Batun lokacin nan ya fi komai jawo rigima. Najeriya da Nijar suna kan UTC+1 duk shekara, agogonmu ba ya motsi. Na Turawa kuwa yana motsi. Birtaniya tana tura agogonta gaba da awa ɗaya daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, a wannan tsakanin lokacin Landan da na Kano ɗaya ne, sauran watannin kuma muna gabansu da awa ɗaya. New York tana canja nata daga Lahadi ta biyu a Maris zuwa Lahadin farko ta Nuwamba. A lokacin muna gabansu da awa 5, da sanyi ya shigo sai tazarar ta koma awa 6.

A ɗauki misalin saurayi a Kano mai aikin lissafin kuɗin ƙananan kamfanoni, yana neman masu ba da aiki a New York. Idan zai zauna gaban kwamfuta daga 2 na rana zuwa 8 na dare, a watan Yuli wannan ya yi daidai da 9 na safe zuwa 3 na rana a can. A watan Disamba kuwa sa'o'in nan sun koma 8 na safe zuwa 2 na rana. Idan ya rubuta lokacin New York kawai bai lura da canjin ba, ranar da aka juya agogo zai shiga taro a Zoom ya tarar babu kowa, ko ya tarar an tashi. Abin da ya fi shi ne ya rubuta nasa lokacin, ya sa UTC+1 a gefe, sannan ya faɗi yadda ya faɗo a wurinsu. Akwai kuma Juma'a. Ƙarfe 9 na safiyar New York a watan Yuli, shi yana masallaci ko yana hanyar dawowa. Gara ya faɗa tun farko cewa ranar Juma'a sai 3:30 yake farawa. Wanda aka sanar da shi zai tsara kansa, wanda aka bar shi yana jira kuwa zai nemi wani.

Wajen kayan aiki, kada a jera sunaye goma sha don burgewa. Saurayin namu ya ce yana shigar da lissafi a QuickBooks, yana haɗa rahoton wata a Excel, yana amsa saƙo a Slack. Ya wadatar. Duk manhajar da ka ambata, ka sa a ranka za a iya cewa ka buɗe ta a gaban mai aikin yana kallon allonka.

Sai maganar amsa saƙo. "Ina amsawa nan take" alkawari ne da wutar lantarki za ta karya maka a mako na farko. Ka faɗi abin da za ka iya riƙewa: saƙon da ya zo cikin lokacin aiki za a amsa kafin awa biyu, wanda ya zo da dare sai washegari. Idan kana da sola da layukan waya biyu na kamfanoni daban-daban, ka ambata a jimla ɗaya. Idan ba ka da su, kada ka ce kana da su.

Gargaɗi na ƙarshe ga masu kunna VPN su rubuta cewa suna zaune a Landan ko Texas. Shafuka irin su Upwork suna neman katin shaida, wani lokaci har da kiran bidiyo, kuma ƙarya a kan wurin zama tana iya sa a rufe shafin mutum alhali kuɗinsa na ciki. Ka rubuta Kano ko Maraɗi yadda take. Kuma duk Maris da Oktoba da Nuwamba, ka koma shafinka ka duba ko sa'o'in da ka rubuta suna nan daidai.