Get ɗaya, sandar walda iri biyu

Idan sabon get ya fara jan ƙasa kafin ya cika shekara, ko taga ta ɓalle daga kusurwa, maigida kan ɗora laifin a kan ƙarfe. Sau da yawa ƙarfen ba shi da laifi. Mai walda ne ya ɗauki sanda iri ɗaya, ya bar injin a wuta ɗaya, ya haɗa komai da su tun daga siririn faif har zuwa hinji.

Sandar walda, wadda masu sana'ar ke kira ilaktirod, tana ɗauke da lamba a jikinta kusa da inda ake maƙale ta. Ga get da firam ɗin taga na baƙin ƙarfe, E6013 ake nema. Tana saurin kama wuta, ba ta huda ƙarfe da zurfi sosai, kuma tana aiki da injin taransifoma na gargajiya da ƙaramin injin inbata na zamani. Akwai E7018 mai ƙarfi, amma ta manyan gine-ginen ƙarfe ce, tana buƙatar a adana ta a bushe ƙayau. Sayen ta domin taga ɓarnar kuɗi ce kawai.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne kauri. A kasuwa da geji ake kiran sanda, kuma lissafin a juye yake: geji 12 ita ce siririya, milimita 2.5, geji 10 kuwa ta fi ta kauri, milimita 3.2. Geji 12 tana son wuta tsakanin amfiya 60 zuwa 90, geji 10 kuma daga 90 zuwa 130. Kaurin ƙarfe ne ke zaɓen sanda, sanda kuma ita ke zaɓen wuta.

A ɗauki get ɗin gida da aka yi wa firam da faif mai kusurwa huɗu, kaurin jikinsa milimita 1.5, za a rataye shi da hinji a kan ƙarfe mai milimita 6. A kusurwoyin firam, geji 12 za a sa, a sauke wuta zuwa wajen amfiya 65. Ko a haka ba a jan walda da tsayi. Ɗigo ake yi, a ɗaga hannu jan ya dushe, a sake ɗigawa a gefensa, domin sanda ta fi jikin faif ɗin kauri, kuma da an daɗe a wuri guda zai huje. Da aka zo hinji labari ya canja. Nan duk nauyin get yake, kullum ana buɗewa ana rufewa, ga yara na lilo a kai. Geji 10 ake so, da wuta wajen amfiya 115, don waldar ta shiga cikin ƙarfen ta narke da shi. Wanda ya yi ƙyuyar canja sanda ya bar wuta a 65 zai ga walda ta hau kamar ta kama, alhali a sama take zaune. Inda kuma ƙarfe mai kauri ya haɗu da siriri, kan sandar ya fi karkata ga mai kaurin, zafin ya gangaro wa siririn.

To, injinan da ake naɗawa a gida da yawa ba su da allon da ke nuna amfiya, sai ramuka ko ƙusoshin da ake sauya waya. Ko mai allon ma ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba idan wutar NEPA ta yi ƙasa, ko janareta ya yi wa aikin kaɗan, ko wayar as ta yi sako-sako a kan tsatsa. Shi ya sa gwani ke gwadawa a kan guntun ƙarfe irin na aikin kafin ya taɓa get.

Idan wuta ta yi kaɗan, sanda na manne wa ƙarfe, waldar ta tattaru ta yi tudu kamar igiya, ɓawonta kuma sai an sha duka da guduma kafin ya fita. Idan ta yi yawa, tartsatsi ya yi ta fallatsa, gefen waldar ya zaizaye ya bar kwari, sandar ta yi ja tun ba ta kai rabi ba. Idan aka dace, ƙarar ba ta yankewa, ɓawon kan ɗago da kansa yayin da yake hucewa. Sandar da ta sha laimar damina kuwa takan bar ƙananan ramuka a cikin walda, ko da wutar daidai take.

Mai ba da aiki ya je ya duba get kafin a shafa bodi fila da fenti, don a ƙarƙashinsu ake ɓoye huji. Ya sa a kankare ɓawon da ke kan hinji, ya ga ko waldar ta kwanta ta haɗe da ƙarfen ta gefe biyu.