Yadda Ake Gane Jabun Agogon Rolex Kafin Kuɗi Su Bar Hannu

Duk wanda ya je sayen agogo mai tsada da wani ya taɓa ɗaurawa, abu na farko da mai sayarwa zai yi shi ne ya ɗora masa shi a tafin hannu ya ce, “Alhaji, ji nauyinsa.” Shekarun baya wannan magana tana da ƙarfi, domin jabun wancan lokaci sakayau yake, sarƙarsa kuma da holoƙo a ciki. Yau masu buga jabu sun wuce nan. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, alamomin da ido ke gani a waje suna iya tabbatar maka cewa agogo jabu ne, amma ba sa iya wanke shi. Shaidar da ke wanke agogo tana ciki, bayan an buɗe murfin baya.

Bari mu ɗauki agogo guda mu bi shi, wato Rolex Submariner, wanda yana cikin agogunan da aka fi kwaikwayo a duniya. Kamfanin na birnin Janiba a ƙasar Suwizalan ya fara fitar da shi a 1953 domin masu nutso a teku. A ce an kawo maka samfurin mai lamba 116610LN, baƙi, na farin ƙarfe, wanda aka yi ta ƙerawa daga 2010 zuwa 2020, tare da kati mai nuna an saye shi a 2016.

A fara da sikeli, irin ƙaramin nan na masu sayar da gwal. Wannan agogo, idan sarƙarsa cikakkiya ce ba a cire mata gaɓa ko ɗaya ba, yakan kai tsakanin giram 150 da 160. Idan ya nuna ɗari ko ɗari da goma alhali sarƙar tana da tsawonta, magana ta ƙare. Amma idan ya nuna 155, kada ranka ya yi fari tukuna. Ƙarfen da Rolex ke amfani da shi, wanda ake kira 904L, da wanda agoguna masu araha ke amfani da shi, 316L, kusan nauyinsu ɗaya ne, kuma manyan masu jabu ma sun koma sayen 904L ɗin. Inda sikeli ke da amfani sosai shi ne a agogon gwal. Gwal mai karat 18 ya kusa ninka ƙarfe nauyi, shi ya sa Submariner na gwal zalla ya haura giram 200. Wanda aka yi wa ruwan gwal a kan ƙarfe ba zai kai nan ba, sai fa idan an cusa masa wani ƙarfe mai nauyi da ake kira tangistin, kuma akwai masu yin hakan. A duba gefen sarƙa da ƙasan maƙulli inda gumi da gogayya suka fi ci; idan launin ya koɗe har fari ya leƙo, ruwan gwal ne.

Fuskar agogo ta fi sikeli faɗin gaskiya, amma tana bukatar madubin maƙeran gwal mai ƙara girma sau goma, da hasken rana. A fuskar ta ainihi, farin rubutun nan yana da ɗan tudu, tawadar ta zauna da kauri, gefen kowane harafi a yanke yake tsaf. A jabu sau da yawa za ka ga harafi ya yi ɓarɓashi a gefe, ko tawada ta malala ta cike cikin harafin R ko O, ko tazarar haruffa ta bambanta daga layi zuwa layi. Alamomin awa kuma, waɗanda a na ainihi an zagaye su da farin gwal, su zauna daidai da ɗigon minti da ke bayansu. Dubi ɗan kusurwa ukun da ke kan sha biyu: tsininsa ya fuskanci tsakiyar kambin da ke ƙasansa. Ƙura ko zare a ƙarƙashin gilashi abin tambaya ne, ko da yake tsohon agogon da ya sha zuwa wajen mai gyara yana iya ɗauke da su.

Akwai wata ’yar dabara ta tarihi a nan da take kama mutane da yawa. A can ƙasan fuska, wajen ƙarfe shida, akwai kalmomi biyu masu nuna ƙirar Suwizalan ce. A sabon samfurin da ya fito a 2020, mai lamba 126610LN, an sa ɗan ƙaramin kambi a tsakanin kalmomin biyu. Samfurin da muke dubawa ba shi da wannan kambi. To idan ka gan shi a agogon da katinsa ya ce 2016, ko dai fuskar ba tasa ba ce, ko katin ba nasa ba ne, ko dukansu ƙarya ne.

Sai ɗan ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata, wajen ƙarfe uku. Aikinsa ya ƙara wa lambar girma sau biyu da rabi, har ta kusa cike tagar. A jabu mai araha lambar takan fito ’yar ƙarama, ko ƙullutun ya karkace ya bar tsakiyar taga. A murɗa hannuwan agogo a hankali su wuce sha biyun dare: kwanan wata ya kamata ya yi tsalle farat ɗaya. Idan ya riƙa jan jiki yana sauyawa a cikin awa guda ko biyu, injin da ke ciki ba na wannan agogo ba ne. A kan gilashin kansa, wajen ƙarfe shida, akwai wani mitsitsin kambi da aka zana da ƙananan ɗigo, abin da kamfanin ya fara wajen 2002. Na ainihi da ƙyar ake ganinsa sai an karkata agogon a haske. Wanda ya fito ɓaro-ɓaro daga nesa shi ne abin zargi.

Tsakanin fuska da gilashi akwai wani zoben ƙarfe a ciki da aka sassaƙa wa sunan ROLEX a jere, da lambar agogon wajen ƙarfe shida. Sassaƙar ta zama mai tsafta, haruffan su yi daidai da alamomin awa, lambar kuma ta yi daidai da ta kati. Zoben waje na tangaran yana juyawa gefe ɗaya ne kawai, zuwa hagu, da ƙaras-ƙaras 120 a zagaye guda, ba sako-sako. Idan aka haska fuskar aka shiga duhu, hasken da za ta bayar shuɗi ne, iri ɗaya a hannuwa da alamomi. Murfin baya kuwa sumul yake, babu rubutu babu gilashi. Submariner da ake hango injinsa ta baya bai fito daga Janiba haka ba.

Mutane suna yawan cewa hannun sakan na Rolex ba ya tsalle, tafiya yake yi sumul. Gaskiyar ita ce yana motsi sau takwas a sakan guda, domin injin yana bugu 28,800 a awa, shi ya sa ido ke ganin kamar sulalewa yake. Idan Submariner yana tsalle sau ɗaya a sakan, batir ne a cikinsa, jabu ne. Sai dai wannan gwaji yau ƙananan ɓarayi kaɗai yake kamawa, don injuna masu araha da yawa suna bugu da wannan sauri.

Ga mu a wurin da ya fi muhimmanci. Murfin baya ba a buɗe shi da wuƙa ko almakashi. Akwai maɓuɗi na musamman mai haƙora da ke kama gefensa, kuma gwanin mai gyaran agogo ne ya kamata ya yi, a kan teburi mai tsafta. Injin da ya kamata a tarar a wannan samfuri shi ne mai lamba 3135, wanda Rolex ya fara amfani da shi a 1988. Jabu matsakaici yakan tona kansa nan take: za a ga ƙaramin inji da aka zagaye da zoben roba don ya cike wuri, ko wani faifan ado da aka manna a sama aka rubuta masa suna, ga sukurori na bogi da ba su riƙe komai ba.

Manyan jabun kuwa sun kwaikwayi injin gaba ɗaya, har da jajayen wilin nan biyu da aka san Rolex da su. A nan sai a kai ido kan wilin da ke kai da komo, wanda shi ne ke ƙidaya lokaci. A tsakiyarsa akwai siririn zaren ƙarfe shuɗi, a naɗe kamar gammo. Yawancin agoguna ana saita saurinsu da wani ɗan hannu da ke matse wannan zare ya rage masa tsawo ko ya ƙara. Rolex ba ya haka. Zarensa a sake yake, ana saita gudu ne da wasu ƙananan noti huɗu na gwal da ke cikin da’irar wilin. Saboda haka idan mai gyara ya ga ɗan hannun saiti yana riƙe da zaren, ko ya ga notin ado ne kawai ba sa juyawa, injin kwaikwayo ne. Wasu sababbin jabu sun fara gyara ko wannan, don haka sai a ƙara da duban aikin gama-gari. A injin ainihi, ƙananan da’irorin adon da aka goga a kan faranti suna hawa kan juna a tsari ɗaya, gefen kowace gada an goge shi ya yi santsi, kan sukurori yana sheƙi, rubutun da aka sassaƙa an cike shi da ruwan gwal ba tare da ya zube gefe ba. A na jabu, ƙarƙashin madubi, gefuna sukan nuna kaushin injin yanka, ana ganin ɓurɓushin ƙarfe, mai kuma ko ya yi yawa ya malala ko babu shi sam.

Daga nan a ɗora shi a na’urar auna bugu. Tun 2015 Rolex ke alkawarin cewa sabon agogonsa ba zai wuce ko ya gaza da fiye da sakan biyu a rana ba. Wanda ya shekara goma ba a wanke shi ba yana iya kauce wa haka, amma idan yana sauya gudu sosai duk lokacin da aka juya masa kwanciya, akwai magana. A yi masa wani ya cika a ajiye shi: 3135 yakan yi kusan awa 48 kafin ya tsaya, sabon injin 3235 kuwa kusan awa 70.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne agogon haɗe-haɗe, domin shi ne ke cutar da mai hankali. Ana samun inji na ainihi a cikin jikin jabu, ko jiki na ainihi da fuskar jabu, ko komai na ainihi amma daga agoguna uku daban-daban. Shi ya sa ba a tsayawa a alama ɗaya da ta yi kyau. Lambar samfuri, shekara, fuska, sarƙa da inji duk sai sun yarda da juna. Kwali da kati da koren tambarin da ke rataye ba hujja ba ne, don buga su ya fi buga agogo sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ana sayar da na ainihinsu daban. Lambar agogon tana da wani amfani: akwai rumbun The Watch Register a Landan da ake biya a bincika ko an taɓa kai rahoton sace agogo mai wannan lamba. Shi kansa Rolex, a ƙarshen 2022, ya fara shirin sayar da agogunansa da aka taɓa ɗaurawa ta hannun dillalansa, bayan an tantance su, da garanti na shekara biyu.

Wanda zai saya a hannun mutum, ko a Dubai ne ko a gida, ya sa sharaɗi tun kafin a fara ciniki: za a je tare wajen mai gyaran da mai saye ya zaɓa, a buɗe a gaban kowa, a sake gwada rufinsa da na’urar matsin iska bayan an mayar da murfi, sannan a rubuta lambar samfuri da lambar agogo a rasit, da yarjejeniyar mayar da kuɗi idan aka gano wani sashe ba na ainihi ba ne. Mai sayarwa yana da haƙƙin ya ce shi ma sai ya yarda da gwanintar wanda zai buɗe, don murfin yana iya ƙarcewa a hannun ɗan koyo. Amma idan ya ƙi buɗewa ɗungurungum, ko ya ce akwai wani mai saye yana jira a biya yanzu, a mayar masa da agogonsa.